Wasiƙar Godiya Ga Malamar Yaƙi da Jahilci: A Bar Ɗalibai Su Rubuta da Hannunsu

Idan zangon karatu ya ƙare a ajin yaƙi da jahilci, ɗalibai ba sa barin malami ya tafi hannu biyu. Mata sukan yi karo-karo su sayi turmin atamfa ko kwanukan abinci, maza su haɗa kuɗin yadi da hula. A ƙauye har kaza da kwanon gero akan kawo. Yaba kyauta tukwici, kuma dattijon da aka koya wa baƙi da wasali bayan ya yi furfura ya fi kowa sanin girman abin da aka ba shi. A wurare da yawa akan haɗa kyautar da wasiƙar godiya, wadda ake karantawa ranar yaye ɗalibai a gaban mai unguwa da jami'an ilimin manya da 'yan uwa.

A kan wannan wasiƙa nake so mu tsaya, domin sau da yawa ana lalata ta da kyakkyawar niyya. Sai a ce ai abin da za a karanta gaban manyan baƙi bai kamata ya fito da karkataccen rubutu ba. A kira ɗan wata ɗaliba da ke sakandare ya tsara ta, ko a kai shagon kwamfuta a buga ta da Turanci mai nauyi, a ƙasa a jera sunayen ɗalibai duk da rubutun mutum ɗaya. Ranar biki a karanta, a tafa, a miƙa wa malama. Waɗanda aka ce su suka rubuta suna zaune, ba su fahimci rabin abin da aka faɗa da sunansu ba. Wannan yana ba ni takaici ƙwarai. Mutum ya yi wata tara yana fama da fensir don ya daina neman mai rubuta masa, ranar da ya kamata ya nuna ya iya kuma sai a sake nemo masa mai rubutawa.

Wasiƙa tana da tsohon matsayi a tarihin karatun manya a ƙasar Hausa. Lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura ɗamarar Yaƙi da Jahilci a farkon shekarun 1950, da hedkwatar aikin a Zariya, mutane irin su Malam Ahmadu Coomassie suna jagoranci, ɗaya daga cikin abubuwan da ke jawo magidanci zuwa aji shi ne ya iya aika wa gida takarda idan ya tafi cin rani, ya kuma karanta amsa ba tare da wani ya ji sirrinsa ba. A wancan zamani akwai masu zama da teburi a bakin gidan waya da kotu suna rubuta wa mutane wasiƙa a biya su. Hukumar NORLA ta riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, irin su Sodangi a Kano da Himma a Katsina da Zaruma a Sakkwato, don sababbin masu karatu su sami abin dubawa. Gaskiya Ta Fi Kwabo kuwa, wadda ta fara fitowa a 1939, wasiƙun masu karatu suna cikin abubuwan da suka sa mutane suka ɗauke ta tasu. Daga baya Jihar Kano ta kafa hukumar ilimin manya a 1980, zamanin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, gwamnatin tarayya ta kafa tata hukumar ta ƙasa a 1990. Yau wayar hannu ta karɓe aikin gidan waya, amma buƙatar ba ta canza ba: mutum ya faɗi abin da ke ransa a rubuce, ya sa sunansa a ƙasa.

Saboda haka wasiƙar godiya tana yin aiki biyu a lokaci guda. Tana isar da godiya, tana kuma zama shaidar aikin malamar. Takardar shaidar da hukuma ke bayarwa cewa take yi an halarci aji an ci jarrabawa. Shafi guda mai ɗauke da hannu ashirin da biyar daban-daban kuwa, gani ya kori ji.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Mu ƙaddara ajin mata ne a wata unguwa, suna zama da yamma bayan la'asar, sau uku a mako, awa biyu kowane zama, a ajin firamare da yara suka tashi suka bari. An fara da mutum talatin, biyar sun daina zuwa, saura ashirin da biyar. A cikinsu akwai masu tuyar ƙosai da awara, da mai ɗinki, da uwar adashi, da tsofaffi uku da suka haura sittin. Malamarsu matashiya ce, da safe tana koyarwa a firamare, da yamma ta zo nan a kan ɗan alawus da ba kullum yake zuwa a kan lokaci ba. Saura mako uku a yaye su.

Matsala ta farko ita ce wa zai jagoranci rubutun, tunda wadda ta saba tsayawa a gaban allo ita ake son a yi wa godiya. Ba sai an ɓoye mata ba, domin ɓoye abu a aji irin wannan ba ya yiwuwa. Shugabar aji ta roƙe ta ta ba su rabin awa a ƙarshen zama uku, ta fita ta bar su. Wadda za ta riƙe alli ta kasance ɗaya daga cikinsu da hannunta ya fi faɗawa, ko wata da ta gama ajin a bara. Idan jami'in da ke zagayen duba azuzuwa zai taimaka, madalla, amma da sharaɗi ɗaya: ya yi tambaya, ya nuna kuskure, kada ya ba da jimla ko ɗaya daga bakinsa.

Zama na farko na magana ne kawai. Idan aka tambayi mata, "Me za mu ce wa Malama?" amsar da za a samu sananniya ce: tana da kirki, tana da haƙuri, Allah ya saka mata. Duk gaskiya ne, amma ana iya faɗin haka ga kowace malama a duniya. Tambayar da ke buɗe baki ita ce, "Me kike yi yanzu da ba ki iya yi bara?" A nan ne zance ke fitowa. Mai ƙosai ta ce tana rubuta sunan masu cin bashi, ta daina rigima da su a kan nawa ne. Mai ciki ta ce ta karanta ranar komawa awo a katinta da kanta. Wata ta ce ta nemo sunan ƙanwarta a waya ba ta kira jikanta ba. Uwar adashi ta ce ta bar zana layuka a bango. Tambaya ta biyu ita ce, "Wace rana ce Malama ta yi wani abu da ba ki manta ba?" Sai a tuna ranar da ruwa ya hana zama ta kwashe su zuwa zauren gidansu, ko yadda ta bi mai jego gida da darasi har ta yi arba'in.

Mai riƙe alli ta rubuta waɗannan a allo yadda aka faɗe su, da kalmomin masu faɗa. Idan tsohuwa ta ce "kin kama hannuna", kada a mayar da shi "kin ba mu gagarumar gudummawa". Malama za ta gane muryar kowace ɗaliba a cikin jimlar, kuma wannan ganewar ita ce daɗin wasiƙar. Akwai wata fa'ida kuma: abin da mutum ya faɗa da bakinsa ya ga an rubuta shi a gabansa, ya fi saurin iya karanta shi, domin ya riga ya san abin da ke zuwa. Malaman manya sun daɗe suna koyar da karatu ta wannan hanya.

Allo zai cika da jimloli kusan ashirin. Ba duka za su shiga ba. Wasiƙar da sabon mai karatu zai iya kwafa ya kuma karanta a bainar jama'a ba ta wuce shafi guda, kalmomi ɗari da hamsin ko ƙasa da haka, kowace jimla gajeriya yadda za a karanta ta da numfashi ɗaya. A zaɓi abubuwa huɗu ko biyar na zahiri, a bar sauran. Wadda ba a ɗauki maganarta ba a gaya mata za ta iya ƙara kalma biyu ko uku kusa da sunanta wajen sa hannu.

Kafin a share allo akwai abin da dole a tambaya, kuma akan manta da shi. Wasiƙar nan a fili za a karanta ta. Wata ɗaliba ba ta so kishiyarta ko surukarta ta ji cewa da ba ta iya karanta katin asibiti ba. A ajin maza abin ya fi tsanani: akwai ɗan kasuwa mai yara a shago da ya shekara ashirin yana cewa ya manta tabarau duk lokacin da aka miƙo masa takarda. Irin wannan mutum ya zo aji ne bisa amana. Don haka a jikin wasiƙa a ce "ɗayarmu" ko "wasu daga cikinmu", kada a kama suna sai mai sunan ta yarda da bakinta.

Ga yadda wasiƙar wannan aji za ta iya kasancewa. A sama ta hannun dama a sa sunan aji da unguwa da kwanan wata, sannan:

Zuwa ga Malamarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, muna fatan kina lafiya, ke da iyalinki.

Mu ne ɗalibanki na ajin yamma. Mun rubuto ne mu yi miki godiya.

Ranar da muka fara, yawancinmu ba mu iya riƙe fensir ba. Kin kama hannunmu ɗaya bayan ɗaya. Ba ki taɓa yi mana dariya ba.

Yanzu ɗayarmu tana karanta ranar awo a katinta. Ɗayarmu tana rubuta sunan masu bashi a littafi. Mu huɗu mun sa hannu a takardar sakamakon 'ya'yanmu. Uwar adashinmu ta daina zana layi a bango.

Da ruwa ya hana mu zama, kin kai mu zauren gidanku. Da ɗayarmu ta haihu, kin bi ta gida da karatu.

Abin da muka yi miki na makara da surutu, ki yafe mana.

Allah ya saka miki da alheri. Allah ya ƙara miki ilimi mai amfani. Allah ya yi wa zuri'arki albarka, amin.

Wassalam. Mu ne ɗalibanki.

Duk wanda ya san tsarin wasiƙar Hausa zai ga ba a bar komai ba: sallama, gaisuwa, bayyana kai da dalili, jikin magana, neman gafara, addu'a. Neman gafarar nan kada a cire shi don a rage tsawo. Bahaushe ba ya rabuwa da wanda suka zauna tare ba tare da "a yafe juna" ba, kuma a aji irin wannan, inda uwa take zaune a benci 'yar cikinta tana gyara mata kuskure, akwai ƙananan abubuwa da yawa da aka haɗiye. Haka nan batun kira. Tsofaffin ajin sun haifi malamar, a waje suna iya kiran ta da sunanta ko su ce "'yar nan", amma a wasiƙa "Malama" za a ce, domin kujerar ilimi ake girmamawa. Idan tsofaffin sun so su sa mata albarka irin ta uwa, wurin addu'a ya ishe su. Ba a bukatar jero mata laƙabi da kirari kamar ana rubuta wa hakimi.

Zama na biyu na kwafa ne, kuma a nan ake gardama. Wasu za su ce a ba mai kyawun rubutu ta kwafe duka. Na fi son a raba: sakin layi bakwai, hannu bakwai. A sami takarda mai layi, mai faɗi, a tsallake layi ɗaya tsakanin kowane biyu, domin sabon hannu yana rubuta manyan haruffa, kuma wanda ya haura arba'in yawanci idonsa ya fara gajiya da ƙananan rubutu. Kowace ta fara gwada nata sakin layin a littafinta, a duba, sannan ta hau takardar gaske da fensir. Sai an gama duka a bi da biro. Wanda bai taɓa zama kusa da sabon marubuci ba zai yi mamakin lokacin da layi ɗaya ke ci. Kada a tsaya a kanta ana kallo, hannu rawa yake yi idan ido ya yi masa yawa.

Me za a gyara, me za a bari? Wannan ita ce tambayar da ta fi wuya, kuma amsata ita ce a gyara abin da ke canza ma'ana ko ya hana karatu, a bar abin da ke nuna hannun mai shi. Layin da ya karkace, harafin da ya fi ɗan uwansa girma, alamar gogewa, duk a bar su. Amma ƙugiyar haruffa ba ado ba ce. Idan aka bar ta, "baƙi" ya koma "baki", "ƙafa" ta koma "kafa", mai karatu ya yi tuntuɓe a gaban jama'a. Haka nan juya b ta zama d, wanda kusan kowane sabon marubuci yake yi. Sai raba kalmomi: za a ga "mungode" da "kinkama" a haɗe, domin a baki haka suke fita, alhali ƙa'idar rubutu ta ce "mun gode" da "kin kama". Wannan kuskure har masu digiri suna yin sa a waya, don haka a gyara shi cikin sauƙi ba tare da an kunyata kowa ba. Waɗanda suka yi karatun allo kuma suna da nasu alamun: wani lokaci su tsallake wasali, ko su fara daga dama, kuma babban harafi a farkon jimla baƙon abu ne gare su tunda ajami ba shi da shi.

Yadda ake gyaran ma yana da muhimmanci. Kada mai taimako ya karɓi fensir ya gyara da kansa. Ya nuna kalmar ya ce, "Karanta min wannan." Yawanci mai rubutun da kanta za ta ji inda ya karye. Idan ba ta ji ba, a rubuta daidai a allo ta duba ta gyara da hannunta.

Zama na uku shi ne na sa hannu, kuma shi ne zuciyar al'amarin. Ga yawancin ɗaliban yaƙi da jahilci, rubuta suna shi ne abin da suka fara roƙo a koya musu. Sun gaji da a kama musu babban yatsa a dangwala a tawada a banki, a wurin rabon taki, a asibiti kafin a yi wa yaro aiki, su fito suna goge shuɗi a gefen zani kowa ya gane. Saboda haka takardar sa hannu tana bukatar shiri. A ɗauki shafi na biyu, a ja layuka masu tazarar yatsu biyu, a sa lamba daga 1 zuwa 25 a gefe. Kada a riga a rubuta sunayen, domin idan suna yana nan a buga, sa hannun ya zama ƙari kawai. A ba kowace lokacinta. Idan kowace ta ci minti uku, mutum ashirin da biyar sun ci awa ɗaya da kwata, don haka rabin awa ba za ta isa ba, kuma ba abin da za a bari sai safiyar biki ba ne ana ɗaura ɗankwali ana neman biro. A raba shi kwana biyu idan ya kama.

Wa zai fara? Idan aka bar abin haka, gwanaye za su cika saman takarda, masu rauni su taru a ƙasa, takardar ta zama jerin na ɗaya da na ƙarshe. Gara a bi shekaru, tsofaffi su fara, kamar yadda ake yi a kowane zama na Hausawa. Babu mai jin haushin wannan tsari.

A kowane aji akwai biyu ko uku da har yanzu sunansu bai zauna a hannunsu ba. Wata ta shigo a makare, wata ciwo ya ɗauke mata wata biyu, wata tsufa ne ya sa hannu ke karkarwa. A nan ake jarabtar masu shirya wasiƙa su ce wa ta kusa, "Rubuta mata kawai." Kada a yi. Malama ta san hannun kowace ɗaliba kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta, za ta gane nan take, kuma da ta ga suna ɗaya na aro sai shakka ta shiga sauran. Akwai hanyoyi na gaskiya. A rubuta mata sunanta a wata takarda ta ajiye a gaba ta kwafa. Idan hakan ya yi wuya, a ɗiga mata sunan da fensir ta bi kai da biro. Idan harafin farko kawai ta iya, ta sa shi, ya wadatar. Wadda ta iya rubuta sunanta da ajami ta rubuta da ajami, ko ta haɗa duka biyun idan tana so. Rubutu ne cikakke da aka yi ɗaruruwan shekaru ana aika wasiƙu da shi a ƙasar nan, kuma matar da ta sauke izu goma ba ta zo ajin da kai babu komai ba. Idan duk wannan bai yiwu ba, ta dangwala yatsa, shugabar aji ta rubuta sunanta a gefe a gabanta. Yatsa ɗaya a cikin hannu ashirin da huɗu ba ya rage wa malama komai, yana ma tabbatar da cewa sauran na gaske ne.

Biyar ɗin da suka daina zuwa fa? A kai musu takardar gida. Mafi yawan masu barin ajin manya ba ƙiyayya ce ta kore su ba: haihuwa ce, ko aikin damina, ko jinya, ko maigida ya canza ra'ayi. Wadda ta yi wata huɗu ta koyi sunanta tana da haƙƙin ta sa shi. Sau da yawa ma wannan ziyara ita ke sa ta dawo a zango na gaba. Amma wadda ta ce ba za ta sa ba, a ƙyale ta, kada a matsa.

Ana iya gane wasiƙar da ba ɗalibai suka yi ba cikin sauƙi. Sunaye duk sun kwanta gefe ɗaya da girma ɗaya. Jimloli dogaye ne, cike da kalmomin taron siyasa irin su "jajircewa" da "namijin ƙoƙari" da "ciyar da al'umma gaba", babu kati, babu adashi, babu ranar ruwa. Gwaji mafi sauƙi shi ne a miƙa wa kowace ɗaliba takardar a ce ta karanta layi biyu. Idan ta kasa karanta wasiƙar da sunanta ke ƙasa, to ba tata ba ce.

Akwai wani kuskure da ke fitowa daga tausayi. Ɗalibai sun san malamarsu ta yi watanni ba ta ga alawus ba, sun san da kuɗinta take sayen alli, sai su so su zuba wannan a wasiƙar godiya don manyan baƙi su ji. Kukan gaskiya ne, kuma ya kamata a kai shi. Amma idan aka karanta shi ranar biki a cikin wasiƙar da aka rubuta mata, jami'an da ke zaune za su zaci ita ta kitsa, kuma ita za ta koma ofis ta fuskance su, ɗalibai sun tafi gida. A rubuta takarda ta biyu dabam, zuwa ga jami'in ilimin manya na ƙaramar hukuma, a roƙi a biya malamai haƙƙinsu, a kawo littattafai, a buɗe aji na gaba. Su sa hannu a ita ma. Wanda ya iya rubuta godiya ya iya rubuta koke, kuma wannan darasi ne da ya kai a ba shi zamansa na musamman.

Ranar karantawa, ko ranar yaye ce ko 8 ga Satumba da ake bikin ranar yaƙi da jahilci ta duniya, kada a miƙa wa mai gabatar da taro takardar don ya fi murya. Waɗanda suka kwafa su karanta, kowace nata sakin layin. Su gwada sau biyu ko uku kafin ranar, a tsaye, da ƙarfi, domin karatu a zaune a benci dabam yake da karatu a gaban maigida da surukai. Idan ɗaya ta tsaya a kan kalma, a yi shiru a jira ta. Masu sauraro sukan yi saurin jefa mata kalmar don su cece ta, alhali daƙiƙa biyar kawai take bukata. A cikin masu kallon nan akwai matan da ke tunanin shiga aji suna jin kunya. Ganin maƙwabciyarsu ta tsaya, ta haɗa baƙi da wasali, ta wuce, ya fi duk wata sanarwa da za a yi a lasifika.

Kafin a miƙa asalin takardar, a kai ta a yi hotonta. Kwafi ɗaya ya tafi ofishin ilimin manya na ƙaramar hukuma, domin yawancin malaman nan aikin wucin gadi suke yi, kuma ranar da za a zaɓi waɗanda za a sake ɗauka ko a tura horo, takarda irin wannan a fayil tana iya yin magana. Sauran kwafin a raba wa ɗalibai, kowace da nata. Dalilin wannan ya wuce ajiye abin tunawa. Babbar matsalar karatun manya ita ce komawa baya: mutum ya gama matakin farko, ya koma gidan da babu littafi ko jarida, bayan shekara ɗaya ko biyu haruffan su fara zamewa. Abin da ke riƙe karatu shi ne a riƙa yin sa, kuma shafin da mace ta san kowace kalma a cikinsa, da sunanta a ƙasa, abu ne da za ta ciro ta karanta wa baƙuwa da jika.

Ga malama kuma akwai aiki ɗaya da ya rage: ta ba da amsa a rubuce. Godiyar baki a wurin taro tana da kyau, amma ɗalibanta sun aika wasiƙa, kuma wasiƙa amsa take jira. Ta rubuta da manyan haruffa bayyanannu, layi takwas ko goma, da kalmomin da ta san sun iya, ta sa kalma biyu ko uku sababbi da za su yi ɗan fama da su. Ta faɗa musu ranar da aji na gaba zai fara da wurin da za a zauna, ta sa kwanan watan da lambobi, ta ba shugabar aji ta zagaya da ita gida-gida.